Na riga na zuba kuɗi da yawa, in ci gaba ko in tsaya? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu taksi, ƴan kasuwa da masu ƙananan sana'o'i a Yamai da Tawa suke yawan yi idan sana'a ta fara cin uwar kuɗi. Duk inda muka ce jika, sefa 1000 muke nufi. Alƙaluman da ke cikin misalan na kwatance ne don a ga yadda lissafin yake tafiya, kowa sai ya sa nasa a gurbinsu.

Wane kuskure ne ake magana a kansa?

Kuskuren shi ne mutum ya ci gaba da zuba kuɗi, lokaci ko ƙarfi a cikin abin da ba ya biya, ba don yana hangen riba a gaba ba, sai don yana jin zafin abin da ya riga ya kashe. Za ka ji shi a baki kamar haka: "Bayan duk abin da na kashe, yanzu in bari?"

Kuɗin da aka kashe kuma babu hanyar dawo da su, mu kira su matattun kuɗi. Kuɗin fentin da aka yi wa shago, hayar watannin da suka wuce, ladan bakanike na bara, duk sun mutu. Idan ka ci gaba ba za su dawo ba, idan ka tsaya ma ba za su dawo ba. Tunda a hanyoyin biyu matsayinsu ɗaya ne, ba su da abin da za su faɗa maka game da wadda ta fi. Kamar mai awo ne ya ɗora dutse iri ɗaya a kowane gefen sikeli: bai canza komai ba. Abin da yake bambanta hanyoyin shi ne kuɗin da za su fita daga yau, da waɗanda za su shigo daga yau.

Yaya zan bambanta kuɗin da suka mutu da waɗanda suke da rai?

Ka ɗauki kowane abu ka tambayi kanka: idan na rufe yau, nawa zai dawo hannuna daga wannan? Abin da zai dawo yana da rai, sauran ya mutu.

Firjin da ka saya jika 400, yau kuma za a saye shi jika 180, to jika 180 ne suke da rai, jika 220 sun tafi. Kuɗin ajiya da ka ba mai shago, wanda zai mayar maka ranar da ka ba shi mabuɗi, suna da rai. Hayar wata shida da ka biya gaba, idan mai gida ba ya mayarwa kuma bai yarda ka sa wani a ciki ba, ta mutu ko da watannin ba su zo ba tukuna. Kayan da ke kan kanta suna da rai, amma a farashin da za a saye su yau, ba wanda ka saro su ba.

A nan mutane suke yawan ruɗin kansu. Suna rubuta darajar kaya da kuɗin da suka saye shi, sai lissafi ya nuna musu dukiyar da babu ita. Farashin gaskiya shi ne wanda mai saye ya taya da kuɗi a hannu. Ka nemi tayi daga mutum biyu ko uku, ka ɗauki na tsakiya.

Ina da taksi a Yamai, inji ya buga. Na kashe mata kusan miliyan 4 tun da na saye ta. Ba dole in gyara ba?

Ba dole ba ne, kuma miliyoyin da ka ambata ba su ne za su yanke hukunci ba. Mu bi lissafin daki-daki.

Mu ɗauka ka sayi motar miliyan 2 da jika 500 shekara biyu da suka wuce. Takardu da fenti sun ci jika 300, gyare-gyare sun ci jika 900. Jimilla miliyan 3 da jika 700. Rubuta wannan adadi a wata takarda daban, ka ninke ta, ka sa a aljihu. Ba za mu sake buƙatarsa ba.

Abu na farko da za a duba shi ne littafin wata shida na ƙarshe, kafin injin ya tsaya. Direba yana kawo jika 7 a duk ranar da mota ta fita. Amma saboda yawan kwana a gareji, kwana 15 kawai take aiki a wata, wato jika 105. A wata ɗaya kuma ƙananan gyare-gyare suna cin jika 70, baƙin mai da taya jika 20, inshora da takardu idan aka raba su wata-wata jika 16. Jimilla jika 106. Ma'ana tun kafin injin ya buga, motar kanta take ciyarwa, ba ta kawo maka ko dala a gida.

Abu na biyu, me sabon inji zai gyara, me kuma ba zai gyara ba? Bakanike ya ce injin da aka ciro daga wata mota, haɗe da ladan aiki, jika 450. Ka koma littafi ka ware: a cikin jika 70 na gyaran wata, nawa ne na inji? A ce jika 20. Sauran jika 50 na birki ne, da ƙafafun mota, da wayoyin wuta, da giya. Waɗannan suna nan daram ko an sa sabon inji. Kuma giyar ta fara ƙara tana ƙin shiga, bakanike ya ce da wuya ta kai shekara, canza ta jika 200.

Yanzu hanyar gyara, na tsawon wata 12. Mota za ta riƙa fita kamar kwana 19 a wata, jika 133. A cire jika 86 na gyara da mai da takardu, saura jika 47 a wata, jika 564 a shekara. A cire inji jika 450 da giya jika 200, ka koma bin kanka jika 86. A ƙarshen shekara motar za ta sayu kamar jika 650. Abin da hanyar gyara ta bar maka ke nan: jika 564.

Hanyar sayarwa: an taya motar yadda take, da mataccen injinta, jika 600. Ko ka sa kuɗin ƙarƙashin katifa, sun riga sun fi jika 564, ba tare da shekara guda ta zirga-zirgar gareji da rigima da direba ba. Idan kuma ka haɗa su da jika 450 ɗin da ba ka ba bakanike ba, ka sa su a wata harka da take ba ka ko da jika 15 ne a wata, ka ƙara jika 180 a kai, ka tashi da jika 780.

A wannan hali, sayarwa ta fi. Za ka ji ciwo, domin ranar da ka karɓi jika 600 ita ce ranar da asarar za ta fito fili kowa ya gani. Amma asarar ta riga ta faru tun tuni, a hankali, cikin shekara biyu. Sayarwar bayyana ta kawai take yi.

To ke nan duk motar da ta ci kuɗi da yawa sai a rabu da ita?

A'a. Ɗauki mota ɗaya da waccan, an kashe mata miliyan 3 da jika 700 daidai, amma a cikin gyaran baya an riga an canza giya da ƙafafu, inji ne kaɗai ya rage. Idan aka sa shi za ta fita kwana 24 a wata, jika 168. Gyaran wata ya sauko jika 30, da mai da takardu ya zama jika 66. Saura jika 102 a wata, miliyan 1 da jika 224 a shekara. Cire jika 450 na inji, ƙara jika 700 na darajarta a ƙarshen shekara, ka samu miliyan 1 da jika 474. Wannan ya ninka jika 600 fiye da sau biyu, don haka a gyara ta ba tare da jinkiri ba.

Motoci biyu, tarihin kashe kuɗi iri ɗaya, hukunci daban. Gyaran baya yana shiga lissafi ta ƙofa ɗaya kawai: halin da ya bar motar a ciki yau. Giya mai lafiya tana da amfani saboda za ta yi aiki gobe, ko an saye ta da tsada ko kyauta aka samu.

Akwai masu faɗawa ramin ta ɗaya gefen, su ce "na kashe da yawa, ba zan ƙara ko dala ba." Shi ma wannan matattun kuɗi ne suke tuƙa shi. Wanda ya kai ginin shago har linta da miliyan 3, saura jika 800 a yi rufi da ƙofa, kuma akwai mai son haya jika 40 a wata, ya kamata ya auna jika 800 da jika 480 na kowace shekara. Fushin da yake yi da magina ba ya cikin lissafin.

Akwai wata tambaya guda da zan yi wa kaina idan ba ni da lokacin dogon lissafi?

Akwai. Ka ɗauka motar ba taka ba ce. Kana da jika 600 a hannu da wasu jika 450 a ajiye, sai wani ya zo ya ce ka sayi wannan mota mai mataccen inji jika 600 ka gyara. Za ka saya? Idan amsarka "Allah ya kiyaye" ce, to ka sani duk ranar da ka ƙi sayar da ita, saye ka yi a wannan farashi.

Na ajiye albasa a rudu, farashi bai kai abin da na saya ba. In jira har in mayar da kuɗina?

Wannan tambaya ce da ake ji kowace shekara a yankin Galmi da Madawa, kuma a nan ne kuskuren ya fi tsada, domin mota tana iya jira a gareji amma albasa ba ta jira. Tana rage nauyi, tana ruɓewa, tana tsiro, musamman idan damina ta sauka iska ta yi laima.

A ce ka sayi buhu 100 lokacin girbi a kan jika 14, miliyan 1 da jika 400, dako da ajiya sun ci jika 100. Bayan wata uku ka tsince, buhu 82 suka rage masu kyau. Farashin yau jika 16, wato miliyan 1 da jika 312. Zuciya tana cewa kada ka sayar sai kuɗi sun kai miliyan 1 da jika 500. To kasuwa ba ta san nawa ka saya ba, mai saye daga Abijan ko Akara ma bai tambaya ba.

Lissafin da ya dace shi ne na wata mai zuwa. Idan a tsincewar da ka yi ta baya ka ga kana rasa kamar buhu 1 cikin 10 a wata, buhu 82 za su koma 74. Ladan masu tsincewa da juyawa jika 20. Don kawai ka tsaya inda kake yau, sai buhu 74 sun kawo miliyan 1 da jika 332, wato jika 18 kowane buhu. Tambayar ke nan: kana da dalili mai ƙarfi na cewa cikin kwana 30 farashi zai wuce jika 18? Idan shekarun baya sun nuna a irin wannan wata farashi yakan yi tsalle fiye da haka, kuma hanyoyin fitar da kaya a buɗe suke, jira yana da hujja. Idan babu, kowane mako ragi ne.

Kada ka yi ƙiyasin lalacewar da ido daga bakin rudu. Ka ciro daga sama, tsakiya da ƙasa, ka ƙirga 100, ka matsa wuyan kowace. Wuya mai laushi, baƙin ƙura a ƙarƙashin ɓawo, tsiro, da wari mai tsami, su ne alamun. Ruɓa ba ta tafiya da gudu ɗaya: idan ta kama, wadda ta ruɓe tana shafa wa na kusa da ita, asarar wata na biyu takan fi ta farko. Kuma ba sai an zaɓi duka ko babu ba. Ana iya sayar da rabin da ya fara rauni, a bar masu ƙarfi da suka bushe sosai.

Me ya sa masu hankali da ƙwarewa suke faɗawa wannan?

Saboda zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar ɗan Adam. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana haka a 1979, aikin da suka yi daga baya kuma ya nuna zafin rasa wani adadi ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun irinsa. Muddin ba ka rufe sana'ar ba, kana iya gaya wa kanka cewa asarar ba ta tabbata ba. Mutane da yawa wannan kwanciyar ran suke saye da sabbin kuɗi.

A 1985 Hal Arkes da Catherine Blumer sun wallafa wani gwaji da suka yi a gidan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ohio a Amurka. Masu sayen tikitin kakar wasa gaba ɗaya, wasu sun biya cikakken kuɗi dalar Amurka 15, wasu kuma an yi musu ragi ba tare da sun nema ba. Tikiti iri ɗaya, wasanni iri ɗaya, amma a rabin farko na kakar waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo. Kuɗin da suka riga suka fita ne suke tura su.

Abu na biyu shi ne kare kai. Barry Staw ya nuna a 1976 cewa wanda da kansa ya zaɓi inda za a sa jari, idan abin ya ɓaci, yakan ƙara zuba kuɗi fiye da wanda ya gaji zaɓin daga wani. Shi ya sa ɗan da ya gaji shagon mahaifinsa yakan ga abin da mahaifin ya kasa gani shekara biyar, kuma ba don ya fi shi wayo ba.

Gwamnatoci ma ba su tsira ba. Faransa da Birtaniya sun ƙulla yarjejeniyar ƙera jirgin Concorde a 1962. Kuɗin aikin sun ninka abin da aka tsara sau da yawa, yawancin kamfanonin jiragen da suka nuna sha'awa suka janye, amma aka ci gaba, kuma cikin hujjojin har da yawan abin da aka riga aka kashe. Jirgin ya fara ɗaukar fasinja a 1976, har yana sauka Dakar a hanyarsa ta zuwa Rio, 14 kawai suka shiga aiki, aka ajiye su a 2003. Har yau wasu masana suna kiran wannan kuskure da sunan jirgin.

Da bashi na fara sana'ar. Idan na rufe, da me zan biya?

Bashin yana wuyanka ko ka rufe ko ka ci gaba, don haka shi ma yana gefe biyu na sikeli. Abin dubawa shi ne wace hanya ce za ta bar maka kuɗin biya mafi yawa. Sana'ar da take cin jika 30 daga aljihunka kowane wata ba biyan bashi take yi ba, ƙara shi take yi. Mafi munin abin da muke gani shi ne a ci sabon bashi, ko a kwashi adashi, don a rufe ramin tsohon, alhali ba a taɓa abin da ya haƙa ramin ba.

Ka je wurin mai bashin da wuri, tun kayan suna da daraja. Ka nuna masa littafi, ka gaya masa abin da za a samu idan an sayar, ku yi yarjejeniyar sauran a rubuce da shaidu. Wanda aka ba rabin kuɗinsa yau da tsarin biyan sauran ya fi sauƙin hali a kan wanda aka yi ta ɓoye wa har kaya suka ƙare. Idan motar ko kayan jingina ne a banki ko asusun lamuni, kada ka sayar sai da izininsu.

Rufewar ma ai tana da nata kuɗi.

Gaskiya ne, kuma waɗannan suna shiga lissafi domin ba a kashe su ba tukuna. Haƙƙin yaran shago, hayar wa'adin da yarjejeniya ta ce a ba mai gida, ladan dillali, kuɗin kwashe kaya, basussukan da mutane suka ci a wurinka waɗanda za su yi wuyar karɓa idan ka rufe. A tara su a cire daga abin da hanyar tsayawa za ta kawo. Wani lokaci wannan yakan nuna cewa a ci gaba wata biyu ko uku har wa'adin haya ya cika, ana sayar da kaya ba a saro sababbi, ana karɓar bashi ba a bayarwa.

Sabuwar sana'a ai takan yi asara da farko. Yaya zan gane mai tasowa da mai mutuwa?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya, kuma ba a amsa ta da kallon jimillar asara. Ana kallon inda alƙaluma suka dosa.

Duba ko kowane ciniki yana biyan kansa. Mai sayar da ƙanƙara da take sayar da ƙulli a farashin da ya fi kuɗin ruwa, leda da wutar da ya ci, matsalarta yawan masu saye ce, kuma lokaci yana iya magance ta. Amma idan kowane ƙulli a kan faɗuwa yake fita, ƙarin ciniki ƙarin asara ne, jira ba zai gyara ba. Sannan a jera cinikin wata-wata: giɓin yana raguwa ko yana nan? Waɗanda suka saya suna dawowa? A kula da lokutan shekara, kada a gwada cinikin ƙanƙara na watan Afrilu da na Disamba, a gwada Afrilu da Afrilun bara.

Sai kuma dalilin asarar. Idan za ka iya kiran sunansa, ka faɗi kuɗin gyara shi da ranar da zai ƙare, kamar titin gaban shago da ake aiki za a buɗe, to akwai abin jira. Idan amsar ita ce "kasuwa za ta buɗe" kuma haka aka faɗa bara, babu wani sabon abu da ake jira.

Ina haƙuri da tawakkali a cikin wannan? Ba a ce mai haƙuri yakan dafa dutse ba?

An faɗa, kuma babu sana'ar da take tsayawa ba da haƙuri ba. Sai dai haƙuri iri biyu ne a nan. Akwai haƙurin jure wahalar aikin da yake da gaba, akwai kuma haƙurin karɓar asarar da Allah ya ƙaddara a ce "ta faru", a tashi. Na biyun ya fi ɗaci, kuma sau da yawa gudunsa ne ake yi a kira shi na farko. Hadisi ya zo cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, ya kuma zo cewa ba a saran mumini sau biyu daga rami ɗaya. Buɗe littafi a yi lissafi, a nemi shawarar wanda ya san harkar, a yi istihara, duk cikin ɗaure raƙumi suke. Ka tuna kuma kuɗin da za a ƙara zubawa sau da yawa na abincin gida ne, ko na makarantar yara, ko amanar wani.

Mutane za su ce na kasa. Wannan ba asara ba ce?

Suna yana da daraja a kasuwa, ba mu raina wannan ba. Amma ka duba abin da yake gina sunan ɗan kasuwa a Tawa ko a Yamai: cika alkawari da biyan haƙƙin mutane. Wanda ya rufe shago ya sallami kowa, gobe idan ya buɗe wata harka za a ba shi kaya bashi. Wanda ya riƙe shago a buɗe don idon jama'a har ya cinye kuɗin mutane, shi ne ake nunawa da baki. Idan kana da alkawarin da ka ɗauka, kamar kayan da aka biya ka kuɗinsu, cika shi yana cikin kuɗin gaba, a sa shi a lissafi a cika. Maganar majalisa kuwa ba ta wuce mako biyu.

Mu biyu ne da yayana a harkar. Ni ina ganin a tsaya, shi ya ƙi. Yaya zan yi masa magana?

Kada ka fara da abin da aka kashe ko wanda ya kawo shawarar tun farko. Da zarar ya ji ana tuhumarsa, zai kare sana'ar don ya kare kansa. Ka ce masa: "Yaya, lokacin da muka fara, da abin da muka sani, shawarar daidai ce. Yanzu abubuwa sun canza, mu zauna mu duba shekara mai zuwa kawai." Ku rubuta hanyoyin biyu a takarda ɗaya, kowane adadi ku yarda da shi tare kafin a tara. Idan kun saɓa a kan wani adadi, kamar kwanakin da mota za ta yi aiki, ku ɗauki nasa ku gani ko da shi ma lissafin ya fita.

Idan abin ya ƙi, ku kira wani dattijo da ya san sana'ar kuma ba shi da ko dala a ciki. Bakaniken da zai samu aikin gyaran, ko dillalin da zai samu lada idan an sayar, ana jin bayaninsu amma ba su ne alƙalai ba. Akwai kuma mafita ta uku: wanda ya yarda da sana'ar ya sayi kason ɗayan a farashin yau.

Yaya zan kare kaina tun kafin in shiga wata harkar?

Ka sa iyaka tun ranka yana sanyi, kafin kuɗi su fita. Rubuta abu uku a shafin farko na littafin: iyakar kuɗin da za ka zuba, ranar da za a zauna a duba, da alamar da idan ba a gan ta ba za a tsaya. Alamar ta zama abin ƙirgawa, misali "idan wata uku a jere mota ba ta bar jika 40 bayan an cire komai ba, za a sa ta kasuwa." Ka ba wani da kake jin nauyinsa kwafin takardar, domin idan ranar ta zo za ka samo wa kanka dalilai goma na ƙarin wata ɗaya.

Ana iya ɗaga iyakar, amma da sharaɗin wani sabon abu ya bayyana wanda ba a sani ba lokacin rubutawa, kamar kwangilar kai yara makaranta da aka sa wa hannu. Kuma ka raba kuɗin sana'a da na gida. Yawancin masu taksin da suke rantsuwa motarsu tana biya suna ƙirga abin da direba ya kawo da yamma, gyaran kuwa daga albashi ko kuɗin shago yake fita, ba a rubuta shi ko'ina.

Na yanke shawarar sayarwa. Nawa zan sa mata?

Farashin da irinta take sayuwa yau. Masu cewa "ba zan sayar ƙasa da abin da na kashe ba" sukan bar mota shekara guda a rana, taya su tsage, batir ya mutu, a zare mata kaya ɗaya-ɗaya a gareji, daga baya su karɓi rabin tayin farko. Ka tambayi farashi iri biyu, na mai saye ya gyara da na masu wargazawa su sayar da kayan, domin a tsohuwar mota wani lokaci na biyun ya fi. Kada ka yi babban gyara don sayarwa sai ka tabbata zai ƙara farashi fiye da kuɗinsa: injin jika 450 da zai ɗaga tayi daga jika 600 zuwa 900 ya ci maka jika 150. Ka faɗa wa mai saye aibin motar, a yi takardar sayarwa da shaidu, a kuma canza sunan da ke kan takardun mota don kada wani abu ya faru a hanya a zo nemanka.